Takardar Neman Ƙiyasin Kuɗin Haɗa Kyamarori a Masallaci

Kwamitin Masallacin Unguwa,
Tudun Wada, Zariya.
Litinin, 12 ga Janairu, 2026.

Zuwa ga Injiniya,
Mai shagon haɗa kyamarori da sola,
Sabon Gari, Zariya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

NEMAN ƘIYASIN KUƊIN HAƊA KYAMARORI 4 DA RIKODA DA WUTAR AJIYA

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da yaran shago. Malam Liman da dattawan masallaci suna gaishe ka.

A zaman da kwamiti ya yi ranar Juma'a, 9 ga wannan wata, an amince a sa kyamarorin tsaro guda 4 a masallacinmu na salloli biyar, tare da rikoda da wutar da za ta riƙe su idan an ɗauke ta gari. An umarce ni in nemi ƙiyasin kuɗin aikin daga wurinka a rubuce. Mun aika wa wasu masu sana'ar su 2 irin wannan takarda, kuma gara ka sani tun yanzu.

Dalilinmu ba ɓoyayye ba ne. A daminar da ta wuce an ɓalle tagar ɗakin ladan cikin dare, aka ɗauke amfilifaya da batirinta. Cikin watan jiya kuma aka tafi da babur ɗin wani bawan Allah ana tsakiyar sallar asuba, shi ne abin neman abincinsa. Takalma kuwa mun daina ƙirgawa. Duk waɗannan sun faru ne a lokacin da babu wuta a unguwa. Saboda haka abin da ya fi damunmu shi ne kyamarorin su ci gaba da ɗauka cikin duhu, ko da wutar gari ta kwana ba ta dawo ba. Wanda zai sa mana kayan da za su mutu tare da fanka bai yi mana aiki ba.

Ga inda muke so a kafa su. Ta farko a babbar ƙofar haraba, a tsayin da za a gane fuskar mai shiga da mai fita, ba saman hularsa kawai ba. Ta biyu ta kalli inda ake ajiye babura da kekuna, daga gindin darbejiya zuwa katanga. Ta uku a baranda, ta haɗa wurin takalma da akwatin taimako. Ta huɗu a lungun baya, inda tagar ɗakin ladan da kejin janareta suke, kuma nan ne ya fi ko'ina duhu. Mafi nisa a cikinsu ita ce ta ƙofa, wajen mita 40 daga ɗakin da za a ajiye rikoda. Da igiyar awon tela muka auna, sai ka sake awonka.

Malam Liman ya gindaya sharaɗi, kwamiti kuma ya karɓa baki ɗaya: kada wata kyamara ta leƙa sashen mata, ko wurin alwala da banɗaki, ko tsakar gidan maƙwabta. Gidan da ke bayan masallaci katangarsa gajeriya ce, don haka ta huɗu tana buƙatar a saita ta da lura, kuma za mu kira maigidan ya ga hoton da idonsa kafin a ɗaure ta. Ba ma son ɗaukar murya. Mutane kan zauna a baranda su kawo wa Malam matsalar aure da ta gado, ba daidai ba ne a naɗi wannan.

Kyamarorin su kasance na waje, masu jure ruwa da ƙurar hunturu, irin waɗanda aka rubuta wa IP66 ko sama, masu gani da dare, kuma kada ƙarfin hotonsu ya gaza 2MP. Zaɓi tsakanin DVR da NVR mun bar maka, amma ka faɗa mana dalilinka da bambancin kuɗinsu. Ka sa mana farashin rikoda mai ɗaukar kyamara 4 da mai ɗaukar 8, domin ana maganar ƙara wasu idan an gama ginin Islamiyya. Muna son hoton ya zauna aƙalla kwana 14 kafin sabo ya goge shi, saboda sau da yawa sai an kwana biyu kafin a lura wani abu ya ɓace. Wani ɗan kwamiti da ke koyar da lantarki ya lissafa mana cewa kyamara 4 masu ɗauka dare da rana za su iya cin wajen 86GB a kullum, ke nan faifan ajiya mai 1TB ba zai kai mako biyu ba, sai mai 2TB. Idan kana da lissafin da ya saɓa wa wannan, ka nuna mana.

Batun wuta shi ne muke roƙon ka zauna a kansa sosai. Janaretanmu na lasifika da fanka ne, ana kashe shi bayan isha'i, kada ka sa shi cikin lissafi. A ƙiyasin malamin nan, kyamarorin da rikodar za su ja wat 45 zuwa 50, wato sama da wat-awa 1,000 a kwana ɗaya. Batir mai 12V 100Ah yana ɗauke da wat-awa 1,200 a takarda, amma na ruwa ba a so a sha fiye da rabinsa, in ba haka ba sai ya mutu da wuri. Don haka ka kawo mana hanya biyu da kuɗin kowace: batir da cajar da ke cika shi daga wutar gari, wanda zai riƙe awa 24, da kuma batir da farantin sola, wanda zai iya jure hadarin watan Agusta. A kowace ka nuna farashin batirin ruwa da na litiyam, da shekarun da kake sa ran kowanne zai yi. Wannan wutar ta kyamara ce kaɗai. Kada a bar soket ɗin da wani zai zo ya sa cajin waya. Ka haɗa da abin kariya daga tsawa da hawan wuta, da akwatin ƙarfe mai makulli da ƙofofin iska, domin ɗakin rufin kwano ne, a watan Afrilu yana zafi ƙwarai. Wayoyi duka a bi da su cikin bututun roba, saboda ɓeraye da hannun yara.

Injiniya, kuɗin nan na jama'a ne. Akwai naira ɗari biyu ta mai shayi a ciki, akwai ta tsofaffin mata, kuma ma'aji zai karanta lissafin a gaban masallata. Saboda haka kada ka ba mu jimla a dunƙule. Ka rubuta kowane kaya da sunan kamfaninsa da lambarsa da adadinsa da farashinsa, har da mitocin waya, ƙaramin allon kallo da kuɗin mota, sannan ka ware kuɗin aikinka daban. Sabbin kaya muke so a kwalinsu, da rasit. Ka faɗi tsawon garanti, da wanda zai zo idan hoto ya ɗauke, da kafin alƙalamin da kake buƙata, da kwanakin da farashin zai tsaya bai canza ba, tunda mun san yadda kasuwa take. Kallo ta wayar hannu bai zama dole ba, amma ka sa kuɗinsa da na datar wata a gefe, mu duba. Idan an gama, za ka koya wa ladan da ni yadda ake neman hoton jiya a kwafe shi a filash, kuma lambar sirri za ta koma hannun kwamiti.

Muna gayyatarka ka zo ka ga wurin ranar Asabar, 17 ga Janairu, daga ƙarfe 10 na safe zuwa kafin azahar, ladan da ma'aji za su jira ka. Ƙiyasin ya iso hannun ladan cikin ambulan a rufe kafin sallar isha'i ta Juma'a, 23 ga wata, domin kwamiti zai zauna ranar Lahadi, 25. Burinmu a gama aikin kafin 10 ga Fabrairu, mu gwada shi na mako guda kafin azumi, lokacin da haraba ke cika da babura a tafsiri da asham. Idan wannan lokaci bai yi maka ba, ka sanar da mu ta hannun yaron da ya kawo maka takardar nan.

Allah ya sa wa sana'a albarka, amin.

Wassalam.

Naka,
Sakataren Kwamiti,
a madadin Shugaba da sauran 'yan kwamiti.