Lanƙwasa Ɗaya Ta Ɓace A Allon Hanya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ɗan fili a jaridarku mai albarka.

Akwai wani sabon allo a bakin titi tsakanin unguwannin Zango da Birni a nan Damagaram, fari da koren rubutu, an rubuta "Masaukin Baki". Ni ban ma lura ba, sai da jikata ƴar shekara 9 ta tsaya ta karanta shi da ƙarfi, ta taɓa leɓenta ta ce, "Kaka, baki ma yana da masauki?" Har mai shayin wurin ya dara.

Daidai shi ne "Masaukin Baƙi", da ƙ mai lanƙwasa. Baki na cin tuwo ne, baƙi kuwa su ne waɗanda muke shimfiɗa wa tabarma. Ban ga laifin mai fenti ba, hannunsa na da kyau ƙwarai, kuma yawancinmu a lakwal da Faransanci muka koyi rubutu, inda babu wannan harafi. Amma tunda aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar a 2025, yara daga alluna za su riƙa kwaikwayo.

Gyaran bai wuce ɗigon fenti a kan harafin ba. In masu wurin sun yarda, zan zo da burushi da kaina.

Naku,
Tsohon malamin makaranta,
Unguwar Birni, Damagaram