Sandar Zuwaira

A ajin sankiyam na wata kwalej da ke unguwar Zariya a Maradi, 'yan aji ƙalilan ne suka san muryar Zuwaira. Kujerar ƙarshe take zama, jikin taga. In malami ya kira sunanta sai ta sunkuyar da kai, ta riƙa murza bakin hijabinta har ya gaji ya wuce kan wani. Amsar kuwa tana rubuce a littafinta. A gida ma Inna ta daina aza mata tallar awara, don takan dawo da bokiti cike, ta kasa buɗe baki ta ce a saya.

Abu guda ne ba ta jin nauyinsa, wato aike. A aike ta niƙa ko kai wa Baba abinci rumfarsa a babbar kasuwa, kafin a ankara ta je ta dawo.

Wata safiyar Litinin cikin hunturu ta makara, don sai da ta jira layin famfo. Tun daga kwana ta hango mai gadi yana jan ƙyauren makaranta. Ta rungume jakarta ta zuba da gudu cikin rairayi, ta wuce samari 3 da su ma suke gudun, ta shige kafin ƙyauren ya rufe. Mushe Isuhu, malamin motsa jiki, yana tsaye gindin bedi yana kallo.

"Ke, zo nan. Ɗiyar wa ce?"

Ta faɗi sunan babanta, amma bai ji ba sai da ya duƙo.

"Laraba da marece ki zo fili. Ki sanyo dogon wando, ki zo da hijabinki, ba mai raba ki da shi."

Laraba biyu ba ta je ba. A ta uku Balki ce, 'yar ajin turwaziyam mai faɗa da dariya, ta biyo ta har gida ta ce wa Inna Mushe ne ya aiko. Inna ta dubi ɗiyarta ta ce, "Tahi, amma ki dawo kahin magariba."

'Yan mata 9 ne a ƙungiyar, fiye da rabinsu ba takalmi. Mushe ya ja layi da ƙafa a ƙasa, ya auna mita 100 da igiya mai ƙulli. Ranar farko Zuwaira ta zo ta biyu, ƙirjinta kamar ana daka a ciki. Ba wanda ya tambaye ta komai, sai Balki da ta miƙo mata ledar ruwa. Abin ya yi mata daɗi, don a nan ƙafa ake kallo.

Wahalar ta zo da gudun miƙa sanda, inda mutum 4 ke raba mita 400. Mai karɓa ba ta waiwaye. Takan fara gudu, sai mai kawowa ta matso ta yi mata kira, sannan ta miƙa hannu baya. Mushe ya sa Zuwaira ta uku, ita za ta miƙa wa Balki. Sandar guntun bututun roba ce da aka yanka. Zuwaira ta zo a guje, ta cim ma Balki, ta buɗe baki, amma kalmar ta tsaya a maƙogwaro. Balki ta yi ta gudu har ta fita daga iyaka, hannunta bai miƙe ba. Aka sake, sandar ta faɗi cikin rairayi. Aka sake, ta kuma faɗuwa.

"Wai ke kurma ce?" in ji wata. Aka yi dariya.

Mushe ya hura usur aka yi tsit. Bai yi mata faɗa ba. Ya aike ta can ƙarshen fili, kusa da katanga, ya ce ta juya musu baya ta ce "Karɓi!" har sai Balki ta ji daga inda take. Zuwaira ta tsaya tana kallon bulo, hawaye na zuba. Ta faɗa, iska ta kwashe. Ta sake faɗa. Balki ta kama kunne tana girgiza kai. Sai haushi ya taso mata, haushin dariyar nan da na bokitin awara da na amsoshin da suka mutu a littafi, ta ƙwala kira har awakin da ke bayan katanga suka watse.

"Yauwa!" in ji Balki, tana tsalle. "Ashe akwai ta!"

Daga nan kullum da wannan ake buɗe horo. Sannu a hankali ta fara gaida 'yan ƙungiyar da suna. Wata rana a ajin lissafi hannunta ya tashi, ta faɗi amsar, malamin ya ce ta maimaita don na gaba su ji, ta maimaita.

Da aka sa ranar gasar makarantu a babban filin wasa na gari, Mushe ya raba takardar izinin iyaye. Labari kuwa ya riga takarda isa gida. Wani maƙwabci ya tare Baba bayan sallar isha'i ya ce ana ganin ɗiyarsa tana tsere a fili. Baba ya shigo rai a ɓace. Inna ta fara ba shi haƙuri, sai Zuwaira ta fito daga ɗaki ta durƙusa a gabansa, takardar a hannu.

"Baba, ina da magana."

Ya dube ta da mamaki, don bai saba ba.

"Mu mata ne zalla a ƙungiyar. Da hijabi nike gudu, kuma ban taɓa kai magariba a waje ba. In na bari, su 3 ba su da ta huɗu. Ina so ka zo ka gani da idonka. In ka ga abin da bai dace ba, na bari daga ranar."

Muryarta na rawa, amma ta kai ƙarshe. Baba ya daɗe yana juya takardar. Ya ce a ba shi biro.

Ranar gasa ya bar yaronsa a rumfa, ya hau kabu-kabu ya zo. Rana ta take, ɗalibai cike da dandamali suna kaɗa galan. Da aka hura usur, ta farkonsu ta yi jinkirin tashi, ta biyu ta ɗan rage tazara. Sanda ta iso hannun Zuwaira suna na huɗu. A kwana ta wuce ɗaya, ta matse wata. Ta hango bayan Balki, ta ƙirga taku yadda aka koya mata, ta ce "Karɓi!" da ƙarfin da na kan dandamali suka ji duk da hayaniya. Hannu ya miƙo, sanda ta shige, Balki ta ƙarasa ta biyu.

Ba su ɗauki kofi ba. Baba dai ya saya wa su huɗun fura mai sanyi a bakin ƙofa, ya tambayi Mushe Isuhu nawa ake sayar da takalmin gudu na gwanjo.

Sati na gaba 'yan ƙungiyar suka yanke shawarar zuwa wajen darakta neman takalma ga waɗanda ba su da shi. A bakin ofis kowa ta ja baya, har Balki, wadda ta ce ita darakta ya san ta da laifin surutu. Zuwaira ta gyara hijabinta ta yi sallama.

"Shigo. Mi ke tahe da ku?"

"Mushe, mu ne muka zo na biyu ran Asabar. Mu 9 ne, 5 ba su da takalmi, kuma ƙaya ta soki Hadiza a ƙafa har ta yi sati ba horo. Ga sunaye da lambar ƙafar kowa, na rubuto."

Darakta ya karɓi takardar, ya sa tabarau, ya ce su shigo duka su zauna.