Wasiƙa ga malamai kan ɗaukar hoton takardun amsa

Daga Ofishin Jarrabawa
Litinin, 3 ga Maris, 2025

Zuwa ga dukkan malaman da ke makin jarrabawar gwaji

Assalamu alaikum, malamai masu girma.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ina yi muku sannu da aikin maki. Kamar yadda aka tsayar a taron malamai, bana ma takardun amsa na asali ba za su fita daga makaranta ba. Hotunansu ne za su je hannun masu duba maki na biyu. Wanda zai sake duba aikin ɗalibinku ba zai riƙe takardar a hannu ba, ba zai iya karkata ta wajen haske ko ya matso da ita kusa da ido ba. Abin da kyamararku ta kama shi kaɗai zai gani, a kansa kuma zai tabbatar da maki ko ya rage.

A zangon da ya wuce an dawo mana da shafuka da yawa saboda ba su karantu ba. Waɗanda aka dawo da su ma da sauƙi, domin an sake ɗauka. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne shafin da ake ganin kamar ya karantu alhali wani abu ya ɓace a ciki: alamar ɗebewa da ke gaban lamba, ɗigon da ya raba 2.5 da 25, lanƙwasar da ta bambanta ƙ da k, ko layin ƙarshe da ɗalibi ya matse amsarsa a gindin takarda. Mai duba ba zai san akwai abin da ya ɓace ba. Zai ga amsa ba daidai ba, ya cire maki, yaron da ya rubuta daidai ya kwana a ciki. Saboda wannan yaron nake roƙon ku karanta wasiƙar nan har ƙarshe.

Mafi yawan matsalar daga haske take. Idan wuri ya yi duhu, kyamarar waya tana daɗewa a buɗe kafin ta gama ɗauka, don ta tara hasken da zai ishe ta. A cikin wannan ɗan lokacin, rawar hannu ko da ba ku ji ta ba sai ta goge bakin haruffa. Shi ya sa hoton da aka ɗauka da dare yake kyau a fuskar waya amma ya dusashe da zarar an buɗa shi. Ku ɗauka da rana, kusa da taga, inda haske ke shigowa amma rana ba ta bugun takardar kai tsaye. Hasken ya zo daga gefe ko daga gabanku. In fitila tana saman kanku, inuwar wayar da ta hannunku za ta kwanta a tsakiyar shafi, daidai inda rubutu ya fi yawa. Fitilar kyamara kuwa ku kashe ta gaba ɗaya. Tana ƙona tsakiyar takarda da fari ta bar gefuna cikin duhu, kuma rubutun fensir yana ƙyalli a ƙarƙashinta har ya ɓace. Malaman lissafi, kimiyya da labarin ƙasa, wannan ya fi shafarku, tunda zane da jadawali da taswira duk da fensir ake yin su.

Kafin ku fara, ku goge gilashin kyamara da ƙyalle mai laushi. Maiƙon yatsa ne ke sa hoto ya fito kamar an ɗauke shi cikin hazo.

Sai yadda za a ajiye takardar. Ta kwanta shimfiɗe a kan tebur, ba a kan cinya ko a hannun wani ba. Teburin ya kasance mai duhun launi kuma babu komai a kansa, don gefen farar takarda ya fito sosai. Idan takardar ta lanƙwashe ku danne ta da littafi na ɗan lokaci. Ɗan littafin amsa ba ya son kwanciya daidai, kuma rubutun da ke kusa da ɗinkin tsakiya yakan nutse cikin lanƙwasar. Ku danne gefen da ba ku ɗauka da wani abu mai nauyi, amma kada yatsa ko rula ta rufe ko da harafi ɗaya. Kada a cire fil ɗin da ya haɗa shafuka, domin a nan takardun yara biyu ke cakuɗewa. Idan takardar siririya ce har rubutun baya yana leƙowa, ku sa baƙar takarda a ƙarƙashin shafin da kuke ɗauka. Rubutun bayan zai ragu sosai. Akwai baƙaƙen takardu a ofis ga mai bukata.

Shafi ɗaya, hoto ɗaya. Na san ɗaukar shafi biyu a buɗe yana rage aiki, amma ga lissafinsa. Takardar A4 tsawonta milimita 297 ne, faɗinta 210. Kyamara mai megafiksel 12 tana ba da hoto mai kimanin ɗigo 4000 a tsawo da 3000 a faɗi. In shafi ɗaya ya cika hoton, kowane inci na takarda zai samu ɗigo sama da 300, wanda shi ne ma'aunin da aka saba bi wajen kwafar takardu da na'ura. In kun haɗa shafi biyu, kowane shafi ya samu rabin ɗigon da ya kamata ya samu. In kuma kun tsaya nesa har rabin hoton tebur ne, an sake yin asara. Saboda haka ku matso har shafin ya kusa cika fuskar waya, amma kusurwoyinsa huɗu su fito duka, da ɗan sarari a kewaye. Kusurwa huɗun nan ita ce shaidar cewa ba a yanke komai ba.

Wayar ta tsaya a saman tsakiyar shafi, bayanta yana kallon takarda sak. Idan kuna zaune kuka miƙa hannu, saman takardar zai tsuke ƙasanta ya buɗe, rubutun sama ya ƙanƙance ya dusashe. Ku miƙe tsaye, ya fi. Kada ku sa yatsu biyu ku jawo hoto kusa kafin ɗauka, domin a yawancin wayoyi wannan yanke hoton kawai yake yi ya kumbura shi. Ku bar kyamara a 1x, kada ku sa 0.5x, mai lanƙwasa gefuna. Ku taɓa kan rubutun a fuskar waya, ku jira ya fito tar, ku riƙe da hannu biyu, sannan ku danna.

Yanzu ga abin da na fi so ku riƙe a duk wasiƙar nan. Kada ku juya shafi sai kun buɗe hoton da kuka ɗauka, kun faɗaɗa shi, kun karanta layin farko, layin ƙarshe, da mafi ƙanƙantar rubutu a shafin. Ku karanta kamar ba ku taɓa ganin takardar ba. Ku kun riga kun yi mata maki, kun san abin da yaron ya rubuta, don haka idonku zai cike muku gurbin da hoton ya bari. Mai duba na biyu ba shi da wannan gatan. In kuna tantamar ko wancan 1 ne ko 7, ko 3 ne ko 8, ku sake ɗauka nan take, takardar tana gabanku. Daƙiƙa kaɗan ne a lokacin. Bayan an ɗaure takardu an kai ma'aji kuwa, nemo shafi guda aikin yini ne, kuma sakamakon aji duka zai tsaya jiransa.

Masu amfani da manhajar kwafar takarda, kamar wadda ke cikin Google Drive ko Notes na iPhone, ba laifi, har ma tana taimakawa wajen miƙar da shafi da haɗa PDF. Amma ku kula da abu biyu. Manhajar takan yanke gefen takarda da kanta, wani lokaci ta tafi da lambar tambaya ko makin da kuka rubuta a gefe. Sannan akwai zaɓin baƙi da fari, wanda ke sa shafi ya yi tsaf a ido, amma yana share rubutun fensir mara ƙarfi, yana kuma mayar da jan biron malami da shuɗin biron ɗalibi abu guda. To ta yaya mai duba zai raba gyaranku da amsar yaro? Ku bar hoton da launinsa. Kada kuma a goge, a ƙara ko a gyara komai a jikin hoto, ko da tabon tawada ne.

A ɗauki kowane shafi bi da bi, daga bangon gaba mai lambar ɗalibi zuwa na ƙarshe, har da shafin da ba a rubuta komai ba. Idan shafi na 5 bai zo ba, babu wanda zai iya sanin ko yaron tsallakewa ya yi ko malam ne ya manta. Ƙarin takarda da takardar jadawali su biyo a ƙarshe, bayan kun tabbatar lambar ɗalibin tana jikin kowacce. Duk shafuka su tsaya da kai sama. Ɗalibi ɗaya, fayil ɗaya na PDF, da suna a wannan tsarin: aji, darasi, lambar ɗalibi.

```
Aji5B_Lissafi_017.pdf
```

Kada a sa sunan yaro a sunan fayil. Masu iPhone da za su ɗauka da kyamara kai tsaye, ku shiga Settings, Camera, Formats ku zaɓi Most Compatible, domin hoton HEIC, wato tsarin da iPhone ta saba ajiye hoto a ciki, ba ya buɗewa a kwamfutar ofis.

Wajen turowa, a saka fayiloli a foldar darasin da ofis ya buɗe wa kowannenku. Ina roƙo kada a turo su a matsayin hoto ta WhatsApp. Manhajar tana matse hoto ta rage girmansa don ya tafi da sauri, sai duk wahalar da kuka sha wajen ɗauka ta tafi a banza. In larura ta sa dole sai ta nan, ku zaɓi Document, ku turo wa lambar ofis kaɗai, ba zauren malamai ba. Hoton fuskar waya da aka ɗauka daga wani hoton ma ba za mu karɓa ba.

Takardun nan amana ce. Akwai sunan yaro a ciki, da rubutun hannunsa, da makinsa, da kurakuran da ba zai so kowa ya gani ba. Wayoyi da yawa suna kwafe hotuna da kansu zuwa Google Photos ko iCloud, don haka idan na sanar da ku cewa fayilolinku sun iso lafiya, ku goge su daga waya, daga can, da kuma kwandon shara na wayar. Kafin wannan sanarwar kada ku goge komai. Takardun asali su dawo ofis a ɗaure, a jere bisa lamba.

Ranar ƙarshe ta saka fayiloli ita ce Juma'a, 14 ga Maris, ƙarfe 12 na rana. Ina ba da shawara kowa ya fara da takardar ɗalibi guda ya turo mini kafin Alhamis ɗin nan, in duba in ba shi amsa, kafin ya shiga sauran. Ranar Laraba, 5 ga Maris, bayan tashi, zan kasance a ɗakin malamai da takardun gwaji don mu yi tare. Wanda kyamarar wayarsa ta tsage ko ta raunana ya faɗa mini tun yanzu, ba abin kunya ba ne. Akwai tebur kusa da taga a ofis da waya guda da aka ware don wannan aikin, daga ƙarfe 8 na safe zuwa 2 na rana.

Na gode da haƙurinku. Allah Ya saka da alheri.

Naku,
Jami'in Jarrabawa