Wasiƙa zuwa ga ƙanwata kafin ta taso daga Jos

Ƙofar Ƙaura, Katsina

Assalamu alaikum ƙanwata,

Ina fata kina lafiya, da Kawu da Umma da sauran yara. Mun yi murna ƙwarai da samun gurbinki a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, Allah ya sa albarka. Tun da a wurinmu za ki zauna, gara ki san yadda gidan yake tun kafin ki ɗaure kaya.

Ki fito da asuba, ki biyo ta Kano, daga can ki hau motar KTSTA ta gwamnatin Jihar Katsina ko ƙaramar mota. Za ku bi ta Bichi, Tsanyawa, Kankiya da Charanci, tafiyar kamar awa biyu da rabi zuwa uku. In la'asar ta riske ki a Kano, ki kwana gidan Gwaggo, ba ma son tafiyar dare. Da kun wuce Charanci ki kira ni, maigidan zai tare ki a tasha.

Ɗaki ɗaya za ku yi da babbar 'yata. Akwai katifa da fanka, amma ki zo da zanin gado biyu, gidan sauro, bokitinki da ƙaramin kwaɗo na akwati, saboda yaran makwabta na shige da fice.

Ruwa shi ne abin da zan fi ja miki kunne a kai. Na famfo ba kullum yake zuwa layinmu ba, rijiyar burtsatse muke dogaro da ita, kuma injinta sai da wuta mai ƙarfi. Tankin sama lita 1,000 ne, kwana biyu yake yi mana in an yi tattali. Duk wanda ke gida lokacin da aka kawo wuta, shi ke kunna injin. Ki fara duba mitar da ke jikin sitabilaiza: in ta gaza 200 kada ki kunna, domin ƙaramar wuta tana sa injin ya yi ta gurnani bai jawo ruwa ba, har ya ƙone, ciro shi daga rijiya kuwa aiki ne mai tsada. Idan tankin ya fara zuba ta bututun gefe, ki kashe nan take. Ranar da babu wuta muna sayen kura ɗaya wurin 'yan ga-ruwa, wannan na wanki ne da wanka, ba na sha ba. Wanki ranar Asabar muke yi, ruwan ɗauraya kuma a zuba wa darbejiyar tsakar gida.

Sola muna da ita, amma ƙarama ce: fitilu, fanka da cajin waya kawai take ɗauka. Dutsen guga ko hita in kika jona, inbata za ta yi ƙara ta ɗauke, batirin kuma ya raunana. Guga sai an kawo wuta.

Yanayin nan ba irin naku ba ne. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, har a tsakar gida muke kwana. Ki zo da atamfa da hijabai marasa nauyi, ki saba da tafiya da gorar ruwa. Rigar sanyinki ma kada ki bari, hunturun Disamba da Janairu yana da ƙura da bushewa, leɓe da dunduniya suna tsagewa, sai da man kaɗanya ko basilin.

Jami'ar tana kan hanyar Dutsin-Ma, bayan gari, ba tafiyar ƙafa ba ce. Laccar ƙarfe takwas tana son ki bar gida bakwai, domin a wannan lokacin ɗaliban kwalejin ilimi da na kwalejin kimiyya da fasaha ta Hassan Usman duk hanyar suke bi, Keke Napep na wuya. Ki riƙe canji a hannu.

Girki kwana bibbiyu muke karɓa, ni da ke da babbar 'yata. Da dare galibi tuwo ne, da rana shinkafa, ɗanwake ko taliya. Ba mu ɗora miki kuɗin abinci ba, haka maigidan ya ce, sai dai sabulunki da kuɗin motarki suna wuyan Kawu. In kin gama da gas, ki rufe kan tukunyar, ba murhun kaɗai ba.

Maigidan yana rufe ƙofa ƙarfe tara. Ke dai magariba ta same ki a gida. In lacca ta ja, ki kira. Ƙawaye mata su shigo, ba laifi, baƙo namiji kuwa a zaure yake tsayawa, kuma sai da sanin maigidan. Surukata tana sashen gaba, ki riƙa shiga gaishe ta safe da yamma, tana lura da wannan sosai.

Takardunki na asali ki sa su cikin jakar hannu, ba akwatin da za a ɗaure bayan mota ba. Ki yi kwafi biyar na kowace, da hotunan fasfo dozin ɗaya, da takardar shaidar ƙaramar hukuma. Ki turo mini ranar da kika tsayar kafin Juma'a.

Ki gaishe mini da Kawu da Umma.

Yayarki