Takardar Tayin Farashin Takin Zamani Buhu 300

Ƙaramar Hukumar Auyo,
Jihar Jigawa.
Litinin, 6 ga Janairu, 2025.

Zuwa ga Alhaji, dillalin takin zamani, Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali da yaran shago, na rubuto ne a madadin ƙungiyarmu ta manoman shinkafar rani domin in tattara cinikin da muka faro ta WhatsApp tun ranar Asabar, 28 ga Disamba, in mayar da shi tayi guda a rubuce wanda za ka iya dubawa a natse ka ba mu amsa. Saƙonnin sun yi yawa, wasu na murya ne, wasu ma'ajinmu ne ya tura, wasu ni, har ya kai ga da muka zauna jiya da shugabanni sai muka tarar kowa da abin da ya fahimta.

Ga inda maganar ta tsaya a iya fahimtarmu, kuma idan mun yi kuskure muna roƙo a gyara mana. Ka sa buhun yuriya mai kilo 50 a kan Naira 37,500, buhun kamfa NPK 20-10-10 kuma Naira 45,000, dukkansu a bakin sitonka na Kano. Ma'ajinmu ya taya yuriya Naira 33,000, ka ce albarka. Wannan tayin mun janye shi, domin buɗe ciniki ne irin na kasuwa, kuma mu ma mun san bai kai kuɗin da ka saro kayan ba. Daga baya da na tambayi batun mota da na biyan wani ɓangare bayan girbi, sai ka amsa da murya cewa, "Ba matsala, Malam, mu da ku ai ba ta ɓaci." Mun ji daɗin wannan kalma ƙwarai, amma ni ne zan tsaya gaban manoma sittin da huɗu da suka tara kuɗinsu in yi musu bayani, kuma ba zan iya rubuta "ba matsala" a littafin ƙungiya a gurbin farashi ba.

Saboda haka ga tayinmu. Muna buƙatar yuriya buhu 200 a kan Naira 36,000 kowane buhu, wato Naira 7,200,000, da kamfa buhu 100 a kan Naira 43,500, wato Naira 4,350,000. Jimilla Naira 11,550,000 ke nan, kuma muna neman wannan kuɗi ya haɗa da lodi da kuɗin mota har ƙofar ma'ajiyarmu a Auyo. Sauke kaya da sallamar 'yan dako a nan, wannan a wuyanmu yake.

Mun san abin da muke nema ba kaɗan ba ne. A farashinka kayan sun kama Naira 12,000,000 ba tare da mota ba, don haka ragin Naira 450,000 muke roƙo, sannan ga ɗawainiyar kawowa a kai. Hujjarmu ita ce buhu 300 tan 15 ne a ɗauka guda zuwa wuri guda, kuma motarka da ke kai kaya Haɗeja ba za ta yi wani dogon ratse ba kafin ta iso mu. Ban da haka, wannan ita ce shekara ta uku da muke saye a hannunka, ba mu taɓa saɓa ranar biya ba. Ba mu ɓoye maka cewa mun tambayi farashi a Haɗeja da Gujungu, mun kuma samu wanda ya ɗan yi ƙasa da naka, sai dai mai sauƙin bai iya ba mu tabbacin yawan da muke so a lokacin da muke so ba, kuma mun fi son wanda muka riga muka san kayansa.

Batun biya shi ne ya fi buƙatar a fayyace, domin a nan ne zumunci kan lalace. Za mu tura Naira 8,000,000 ta banki zuwa asusun kasuwancinka a ranar da aka sauke kaya aka ƙirga, ragowar Naira 3,550,000 kuma mu biya ta ranar Litinin, 2 ga Yuni, 2025, ko kafin nan, lokacin da muke sa ran shinkafar farko ta shiga kasuwa. Mun fahimci cewa jiran sama da wata huɗu nauyi ne a kan ɗan kasuwa a wannan zamani da kuɗi ke rage daraja, shi ya sa shugaba da ma'aji za su sa hannu a takardar bashin a gaban mai gari da shaidu biyu, kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta umarta a rubuta bashin da aka yanke wa lokaci. Idan kuwa ka fi son kuɗi hannu, a shirye muke mu nemi cikon a tsakaninmu mu biya duka a ranar sauke kaya, bisa sharaɗin a rage Naira 500 a kowane buhu, jimilla ta koma Naira 11,400,000. Zaɓi na gare ka, kowanne ka ɗauka mun yarda.

Game da ingancin kaya, muna so yuriyar ta kasance ta Indorama ko ta Dangote, mai sinadarin naitirojin kashi 46 cikin ɗari, a buhunta na kamfani da ɗinkinsa na asali, busasshiya wadda ba ta sha danshi ta dunƙule ba. Kafin a biya za mu zaɓi buhu 15 daga sassa daban-daban na motar mu ɗora a sikeli a gaban direbanka. Duk buhun da ya gaza kilo 50, ko ya yage, ko aka ga alamar an farke shi an sake ɗinkewa, za a mayar da shi cikin motar a cire kuɗinsa daga jimilla. Wannan sharaɗi ba zargi ba ne a kanka, Alhaji. Shekaru huɗu da suka wuce wani dillali ya kawo mana takin da sai bayan an raba wa manoma aka gano buhunan ba su cika ba, kuma tun daga ranar ƙungiya ta mayar da awo doka a kan kowa.

Muna roƙon kayan su iso nan daga yau zuwa Laraba, 22 ga Janairu. Irin da muka yafa ya kusa isa dashe, kamfa kuwa a lokacin dashe ake buƙatarsa, yayin da zubin yuriya na farko ke biyo baya da kimanin mako uku. Idan kayan ba za su samu gaba ɗaya a wannan rana ba, mun amince a fara kawo kamfa buhu 100 da rabin yuriyar, sauran su biyo baya cikin kwana goma a kan farashin da aka yi sallama, ko da kasuwa ta motsa a tsakani. A wannan hali, biyan farko zai kasance daidai da abin da aka sauke.

Wannan tayi yana nan har zuwa yammacin Lahadi, 12 ga Janairu, domin ranar Litinin shugabanni za su zauna su yanke inda za a sayi takin. Idan ka sallama, ya isa ka sa hannu da hatimin shago a ƙasan wannan takarda, ka ɗauki hotonta ka turo ta WhatsApp, mu kuma mu aiko da kwafinmu mai sa hannun shugaba da ma'aji. Idan akwai abin da bai yi maka ba, muna roƙon ka rubuto adadin da za ka iya da ranar da za ka iya, domin in karanta wa jama'a kamar yadda ka faɗa. Daga yau wannan takarda ta maye gurbin duk saƙonnin da muka yi musaya a kan wannan ciniki, kuma ni kaɗai ƙungiya ta wakilta in yi magana da kai a kansa.

Allah ya ƙara buɗi, ya sa albarka a kasuwa.

Naka,
Sakataren ƙungiya,
a madadin shugaba da ma'aji.