Ƙorafi kan cirar kuɗi ba bisa ƙa'ida ba a asusuna na ajiya

Zuwa ga Manajan Reshe da Sashen Kula da Abokan Hulɗa,

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Da fatan kuna lafiya, ya aiki?

Ni mai sayar da atamfa ce a Sabon Garin Zariya, shekarata shida ina hulɗa da reshenku. Asusuna na ajiya ne, lambarsa ta ƙare da 4172. Ranar Alhamis, 2 ga Oktoba 2025, na zo aka buga mini takardar bayanin asusun daga Yuli zuwa Satumba, saboda lissafina da abin da ya rage a ciki sun ƙi daidaita. Na ɗauki shafuka ukun a hoto da wayata na haɗa da wannan saƙo. A yi haƙuri da shafi na biyu, tawadar injinku ta dushe a ƙasansa, amma duk layin da nake magana a kai na zagaye shi da jan biro.

Babban abin da ya sa na rubuto yana shafi na biyu, layi na tara. Ranar 19 ga Agusta an cire naira 7,500, kuma abin da aka rubuta a gefensa shi ne MISC DR kawai. Babu sunan wanda ya karɓa, babu lambar ma'amala. Ranar ban tura wa kowa kuɗi ba, ban taɓa katina ba, ina gidan suna a Giwa, katin yana cikin durowa a shago. Saƙon sanarwa ma bai shigo wayata ba, alhali ko naira ɗari biyu na sa kati sai kun sanar da ni, kun kuma cire naira 6 kuɗin saƙon. Na nuna wa ma'aikaciyar da ta buga takardar, ta duba kwamfuta ta ce daga hedikwata ne, in dawo. Na dawo Juma'a, na yi awa biyu a layi, aka ce mai kula da wannan bai zo ba. To ni wa zan bar wa shago kullum?

Tunda na zauna da takardar, sai na bi ta layi bayan layi, sauran kuma suka fito. An rubuta ACCT MAINT FEE ranar 31 ga Yuli, naira 1,240. Bisa jadawalin caji na Babban Bankin Nijeriya da ya fara aiki a Janairun 2020, kuɗin kula da asusu a kan asusun karant ake cire shi, nawa kuwa na ajiya ne, haka aka rubuta a saman takardar da kuka ba ni. Kuɗin kula da kati kuma naira 50 ne duk wata uku, da harajin VAT na kashi 7.5 ya zama naira 53.75. Ni an cire mini a Yuli, an cire a Agusta, an cire a Satumba. Sau biyu ke nan ba su halatta ba, naira 107.50.

Ranar 4 ga Satumba wata mai saye ta turo mini naira 85,000. Harajin gwamnati na naira 50 kan kuɗin da ya kai naira 10,000 na san da shi, ban ja ba, amma an cire shi sau biyu a kan turowa ɗaya. Sai ranar 22 ga Satumba, da na ciri naira 20,000 a ATM ɗin da ke ƙofar reshenku, aka caje ni naira 107.50 kamar a na wani banki na cira.

Jimillar kuɗin ta kama naira 9,005. Wataƙila a wurinku ba komai ba ce, a wurina ribar turmi huɗu ce.

Ina roƙon a mayar mini da kuɗin nan cikin asusuna, a kuma rubuto mini abin da MISC DR take nufi da wanda ya ba da umarnin cirar. Idan akwai takardar da na sa wa hannu na amince, a turo mini hotonta in gani. A kuma ba ni lambar bibiyar wannan ƙorafi yau. Zan jira mako biyu ku warware wannan koke, zuwa Litinin, 20 ga Oktoba. In shiru ya biyo baya, zan kai maganar Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa da Bankuna na Babban Bankin, tare da waɗannan hotuna da kwafin wannan saƙo.

A amsa mini ta wannan imel ɗin, ba ta waya ba, domin ina so ya zama a rubuce.

Na gode, Allah ya taimaka.

Hajiya Rabi mai atamfa
Sabon Gari, Zariya
6 ga Oktoba 2025