Jawabin Bankwana ga Malam Sulaiman, Shugaban Siton Magunguna

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban asibiti, shugabannin sassa, likitoci, ma'aikatan jinya da ungozomomi, abokan aikina na sashen magunguna, iyalan Malam Sulaiman da suka amsa gayyatarmu, da shi kansa Malam wanda muka taru dominsa, barkanku da yamma.

Da aka tsayar da ranar wannan taro, Malam ya roƙe ni abu ɗaya, wato kada a ɗora masa abin da bai yi ba. Na amsa masa, kuma roƙon bai takura ni ba, domin abin da ya yi ɗin ma ba za mu iya ƙare faɗinsa a zama ɗaya ba.

Malam Sulaiman ya shigo wannan asibiti a 1990 a matsayin ƙaramin magatakardan sito. A 2003 aka damƙa masa makullan siton magunguna gaba ɗaya, suna hannunsa kuma har zuwa jiya da ya miƙa su. Shekara 35 ke nan cif, iyakar abin da ƙa'idar aiki ta yarda. Ni na same shi a nan. A takarda ni ce shugabarsa, amma yawancin abin da na sani game da yadda magani ke shigowa da fita a asibitin nan a bakin kantarsa na koya.

Mutane da yawa a cikin wannan ɗaki ba su taɓa leƙa siton ba. Yana can baya, kusa da inda motar kaya ke tsayawa, ba majinyacin da ke bi ta wajen. Wanda ya warke likita yake yi wa godiya da ma'aikaciyar jinya, kuma sun cancanta. Ba ya zuwa masa a rai cewa allurar da aka yi masa da tsakar dare wani ne ya ƙirga ta tun watanni uku baya, ya ga za ta ƙare, ya rubuta takardar oda, ya bi ta ofis-ofis har aka sa hannu, ya duba ta ranar da ta iso, ya ajiye ta inda ya kamata. Ana tuna mai sito ne ranar da aka nemi abu aka ce babu. A iya zamana a nan, irin wannan rana ba ta yi yawa ba, kuma duk lokacin da ta zo, za ka tarar Malam ya riga ya rubuto gargaɗi tun da wuri.

Bari in ɗan shigar da ku ciki. Kowane magani a siton nan yana da katinsa a jikin kanta: ranar da ya shigo, adadinsa, lambar da kamfani ya buga a kwalinsa, ranar da wa'adinsa zai ƙare, wanda ya karɓa, da abin da ya rage. Ƙa'idar sito ita ce maganin da zai riga tashi aiki shi ake fara fitarwa, ko da shi ya zo daga baya. Kowa ya san wannan a baki. Wahalar ita ce aikata shi ranar da mota ta sauke kwalaye da yamma, kowa ya gaji, ga hanya mafi sauƙi a jibge sababbi a gaba a rufe ƙofa. Malam ba ya rufewa. Sai an janyo na baya, an karanta kwanan watan kowane kwali, an jera su bi da bi. Wanda ya rage masa wata shida yakan ɗiga masa jan alli, ya sanar da ɗakunan jinya, idan kuma ya ga ba za mu iya cinye shi ba ya nemi izini a musanya da wani asibitin da ke buƙata. Dukiyar da wannan ɗabi'a ta tsare ba a rubuta ta a ko'ina ba, tunda maganin da bai lalace ba ba shi da rajista.

Sai batun firji. Alluran rigakafi da yawa, da allurar masu ciwon suga, da wadda ake yi wa mai haihuwa don tsayar da zubar jini, duk suna son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8. Ana duba ma'auni safe da yamma a rubuta. Takardun nan suna nan a fayil, ku je ku gani, har ranakun hutu da rubutunsa a ciki.

Waɗanda suke bakin aiki a daren nan na damina da wuta ta ɗauke, janareto kuma ya ƙi tashi, za su tuna. Mai gadi ne ya kira shi. Malam ya iso cikin ruwa, wandonsa a naɗe zuwa gwiwa, fitila a hannu. Yaran da suka zo taimako suka yi sauri za su zuba alluran a akwatunan sanyi kan robobin ƙanƙara da aka ciro yanzu-yanzu. Ya tsayar da su. Ya sa aka baza robobin a kan tebur, yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana girgizawa kusa da kunne, sai da ya ji ruwa ya fara motsi a ciki sannan ya ce a jera. Dalilinsa shi ne wasu alluran, kamar ta rigakafin ciwon hanta, daskarewa tana kashe su kamar yadda zafi ke yi, kuma ido ba lalle ya gane ba. Da an bi gaggawa, da an wayi gari ana yi wa jarirai allurar da ba ta da amfani, kowa yana zaton an tsira da kaya. Ya kwana a kujera kusa da akwatunan yana duba ma'auni. Da safe aka yi rigakafi kamar kullum, iyayen da suka kawo 'ya'yansu ba su san an yi wani abu ba.

A 2020, lokacin korona, safar hannu da takunkumi suka yi wuya a duniya baki ɗaya. Malam ya riƙa raba su da ƙirga, ɗaki-ɗaki, gwargwadon yawan majinyata. An yi ta ƙorafi, wasu ma sun yi fushi da shi a fili. Sai dai ɗakin haihuwa da ɗakin tiyata ba su tsaya da aiki don rashin safar hannu ba.

Wannan ya kawo ni ga abin da kowa ya sani, ba kuwa zan ɓoye shi don yau ranar yabo ce ba. Malam Sulaiman mutum ne mai tsauri. In ba takarda, ba kaya. Ko wane ne kai, in ka zo da baki kawai za ka koma ka kawo sa hannu. An sha kawo mini ƙararsa. Akwai kuma lokutan da ni da shi muka saɓa, ina ganin abu zai iya jira zuwa gobe, shi yana ganin yau za a gama. Amma tsaurin nan bai taɓa shafar ran majinyaci ba. Shi ne ya kawo shawarar a ajiye akwatin gaggawa a kowane ɗaki, a rufe da hatimi, a buɗe ba tare da jiran kowa ba in rai yana cikin haɗari, takarda ta biyo baya da safe. Kuma wanda ya riƙe makullin ɗakin da ke cike da kayan da ke da kasuwa a waje ya san irin masu sallama da ke zuwa masa. Masu binciken kuɗi sun zo shekara bayan shekara. Sun taɓa samun kuskuren lissafi, an gyara, kamar yadda ake samu a kowane littafi. Ba su taɓa samun kwali ya yi ƙafa ba.

Da aka kawo kwamfuta sito, Malam bai yi murna ba, bai kuma ɓoye ba. Ya ce katinsa bai taɓa ɗauke wuta ba. Duk da haka ya zauna gefen yarinyar da ya kusa haifa, bayan an tashi aiki, tana nuna masa yana rubutawa a ɗan littafinsa, har ya iya. Wannan ya burge ni fiye da abubuwa da dama, domin ba kowane babba ne ke yarda ƙarami ya koya masa a gaban mutane ba.

Yarinyar nan ita ce Malama Rabi, wadda ta karɓi makullai jiya. Akwai masu ɓoye sirrin aikinsu don a riƙa nemansu. Malam ya koyar da duk abin da ya sani, har da abin da ba ya cikin littafi: wane magani ke tafiya da sauri in damina ta kama zazzaɓi ya yi yawa, wane kwali ake buɗewa a gaban direba kafin a sa hannu, yaya ake gane hatimin da aka taɓa. Wata uku da suka wuce ya ja baya ya bar ta tana tafiyar da siton, shi yana kallo. Da aka yi ƙirgar miƙa aiki, kati da kwamfuta da abin da ke kan kanta duk suka zo daidai. Malama Rabi, kin gaji amana mai nauyi, kuma muna bayanki.

Hajiya, da ku 'ya'yan Malam, mun san daga lokacinku aka ɗebi darare da ranakun hutun da na ambata. An sha kiransa yana tsakiyar cin abinci da ku. Mun gode da haƙurinku, kuma yau muna mayar muku da shi.

Shugaba, ina da roƙo ɗaya a madadin sashenmu. Takardun fanshonsa da garatuti sun kammala, suna ofishin ma'aikata. Mutumin da bai taɓa barin takardar wani ta kwana a teburinsa ba bai kamata ya yi ta sintiri a kan tasa ba. A taimaka a bi masa ita har ta fita.

Malam, mun gode muku. Inda muka saɓa muku a tsawon zaman nan, ku yafe mana, mu ma babu komai tsakaninmu da ku sai alheri. Allah ya saka muku da mafificin alheri, ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya sa albarka a hutunku da zuriyarku, ya ba waɗanda kuka bari ikon riƙe abin da kuka koya musu.

Yanzu ina roƙon shugaban asibiti ya taso ya miƙa wa Malam Sulaiman takardar yabo da kyautar ma'aikata, daga nan kuma mu ba Malam dama ya yi mana magana.

Na gode. Wassalamu alaikum.